Ƙarfe Tara na Safe a Agogon Wa?

Matashin da ke zanen tambari a Potiskum, idan ya rubuta wa mai ba shi aiki a Landan, kada ya tsaya ga cewa yana aiki daga tara zuwa biyar. Baturen zai ɗauka agogonsa ake nufi.

Agogon Nijeriya, wato WAT, ba ya sauyawa duk shekara, amma Birtaniya tana tura nata gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A wannan tsakanin lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin kuwa mun riga su da awa guda. Saboda haka a Janairu sai ya rubuta: "Ina kan aiki daga 8:00 zuwa 16:00 agogon Landan, Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a nakan tashi 11:00 saboda masallaci. Saƙon dare sai da safe nake amsawa."

Kada kuma ya yi alkawarin amsa kira kowane lokaci. Wutar lantarki kan ɗauke, cajin waya ya ƙare, kuma ganawa ɗaya da aka saɓa ta isa ta raba shi da kwangila.