Hattara da bugaggen darasi: kyan rubutu kan ɓoye kuskure

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, sai hotunan littattafan ɗalibai su fara yawo a wayoyi. Wanda ya halarci lacca ya rubuta da hannu, wani ya ɗauki hoto, wani kuma ya kai shagon buga takardu ko ya bai wa manhaja irin Google Lens ta mayar da shi bugagge. Abin lura shi ne, takarda bugaggiya tana da kwarjini. Ɗalibi kan yi shakkar rubutun hannu mai jagwalgwalo, amma idan ya ga an buga tsaf sai ya haddace ba tare da tambaya ba, alhali kuskure ya riga ya shige.

Mu ɗauki darasin kimiyyar sinadarai na shekarar farko a jami'a, kan dokokin iskar gas. Malami ya fara da dokar Boyle, ya tsallaka zuwa dokar Charles, sai wani ɗalibi ya yi tambaya, ya koma baya ya ba da misalin Boyle. Mai rubutu ya cusa misalin a gefen shafi na uku, ya ja kibiya zuwa shafin farko. Littafin ya bi yadda malami ya yi magana ne, bai bi tsarin darasin ba. Duk wanda ya buga shi layi bayan layi zai sa misalin Boyle a ƙarƙashin Charles, domin na'ura ba ta bin kibiya, mai shago kuwa bai san darasin ba.

Saboda haka kada a fara da bugawa. A fara sa wa shafuka lamba tun kafin ɗaukar hoto, a shimfiɗa littafin a wuri mai haske yadda inuwa ba za ta rufe rubutun da ke kusa da ɗinki ba. Sannan a karanta laccar daga farko har ƙarshe, a fitar da kanun darasi a wata takarda daban. Babban kai ɗaya ne, wato dokokin iskar gas. Ƙarƙashinsa kowace doka ta samu nata kan. Ƙarƙashin kowace doka kuma a jera abubuwa huɗu da tsari iri ɗaya: bayanin dokar, ƙa'idar lissafinta, sharaɗinta, da misali. Amfanin wannan daidaito shi ne yana tona giɓi. Idan Boyle na da sharaɗi, wato zafi ba ya canzawa, amma gurbin sharaɗin Charles fayau, to mai rubutu ya tsallake cewa matsi ne ba ya canzawa a can. Sai a nemo daga littafin karatu, a yi alamar cewa ƙari ne, ba daga bakin malami ya fito ba.

Wajen bugawa a Microsoft Word, ƙara girman harafi da kaurara shi ba ya mayar da layi kai. A yi amfani da Heading 1, Heading 2 da Heading 3, ko a danna Ctrl+Alt+1, Ctrl+Alt+2 da Ctrl+Alt+3. Da an yi haka, buɗe Navigation Pane a ƙarƙashin View zai nuna duk kanun a jere. Wanda bai bayyana a nan ba, da hannu aka ƙawata shi, kuma ba zai fito a jerin abubuwan da ke ciki ba.

Mafi haɗari shi ne lambobi. A rubutun gaggawa 7 kan yi kama da 1, 5 kan yi kama da S, ɗigon da ke cikin 2.0 kuma kan ɓace. Dokar Charles tana aiki da ma'aunin Kelvin:

```
T = °C + 273
V2 = V1 × T2 / T1
```

Iska mai lita 2.0 da aka ɗumama daga digiri 27 zuwa 127 tana tashi daga 300 zuwa 400 a Kelvin, amsar kuma lita 2.67. Idan aka buga 213 maimakon 273, za a samu 240 da 340, amsar ta zama 2.83. Ta yi kusa da gaskiya har ba wanda zai yi zargi, amma maki ya tafi. Maganin shi ne a sake lissafa kowane misali da lambobin da aka buga. Idan amsar ta saɓa da wadda ke cikin hoton, akwai lambar da aka karanta ba daidai ba.

Kalmar da ba ta karantu ba, kada a yi mata cikon kai. A bar alamar tambaya da lambar shafinta, a tambayi wanda ya rubuta ko malamin. Zane kuwa a yanko hotonsa a manna ƙarƙashin kan da ya dace. Haka kuma kada a goge hotunan asali bayan an gama, a tura su tare da bugaggen, domin ranar da ɗalibai biyu suka yi musu kan wata lamba, su ne za su raba gardama.