Hawan Jini da Ciwon Ƙoda: Yadda Likita Ke Zaɓen Lambar da Za a Tsaya

A ɗauki misalin wani tela mai shekara 55 a Kano, wanda ya je asibiti saboda ciwon kai da kumburin ƙafa. Aka auna jininsa, aka samu 168 bisa 100. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa na aiki kusan rabin yadda ya kamata, gwajin fitsari kuma ya nuna tana yoyon furotin. Tambayar da ya fara yi ita ce wadda kowa ke yi: hawan jinin ne ya ɓata ƙodar, ko ƙodar ce ta jawo hawan jinin? Sau da yawa, kafin mutum ya isa gaban likita, biyun sun riga sun cuɗe, kowanne na hura wutar ɗan'uwansa.

Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kullum, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya ko biyu a matsayin fitsari. Kowace matata dunƙulen jijiyoyi ce da suka fi gashi siranta. Idan jini ya shekara da shekaru yana bugunsu da ƙarfi, bangonsu kan yi kauri, wasu su yi tabo su mutu. Waɗanda suka rage sai su ɗauki aikin matattun, matsin da ke cikinsu ya ƙaru, su fara barin furotin mai suna albumin yana zurarewa cikin fitsari. Shi ya sa wasu ke ganin fitsarinsu na kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Ita ma ƙodar ba ta barin bashi. Idan ta raunana, takan kasa fitar da gishiri, gishiri kuma yana riƙe ruwa, ruwan ya cika jijiyoyi. Bugu da ƙari, sassan da jini bai isa gare su sosai ba kan ɗauka jini ne ya yi ƙasa, sai su saki sinadarin renin, wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, jiki ya ƙara ɓoye gishiri. Jini ya sake hawa, wasu matatan su sake mutuwa.

Saukar da jini ne babbar hanyar tsinke wannan zagaye. Inda masana suka daɗe suna muhawara shi ne a sauke shi zuwa nawa.

A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon binciken AASK a Amurka, kan baƙaƙen fata sama da dubu masu hawan jini da ciwon ƙoda. An saukar da jinin wasu sosai, na wasu kuma daidai misali, amma a jimlace ƙodar rukunin farko ba ta fi ta na biyu lafiya ba. Sai da aka ci gaba da bin su shekaru aka ga alamar amfani ga masu yoyon furotin. Daga nan likitoci suka ƙara riƙe darasi guda: gwajin fitsari na cikin abubuwan da ke yanke hukunci.

Sai binciken SPRINT na 2015, wanda ya ƙunshi mutum 9,361 masu shekara 50 zuwa sama, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na da ciwon ƙoda. An nemi lambar sama ta rabinsu ta sauka ƙasa da 120, ta sauran ƙasa da 140. Rukunin 120 ya samu raguwar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kusan kashi 25 cikin ɗari, mace-mace kuma da kusan kashi 27, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Amma ribar ta zo da kuɗinta: suma, faɗuwar jini fiye da kima, da tsayawar aikin ƙoda na ɗan lokaci sun fi yawa a cikinsu. Kuma ba a sa masu ciwon suga ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki ba.

Wannan ne ya sa lambobin suka sha bamban. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun ce ƙasa da 130 bisa 80 a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ƙasa da 140 bisa 90 ga kowa, da ƙasa da 130 a lambar sama ga masu haɗari kamar masu ciwon ƙoda. A shekarar dai, ƙungiyar masana ƙoda ta KDIGO ta ba da shawarar ƙasa da 120, bisa sharuɗɗa biyu: jikin mutum ya iya ɗauka, kuma a yi awon bisa ƙa'ida.

Sharaɗi na biyun nan shi ne aka fi mantawa. Awon ƙa'ida na nufin mutum ya zauna shiru minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a tallafe daidai da zuciya, ya riga ya rage fitsari, bai ci goro ko ya sha taba ko kofi ba cikin rabin awa, sannan a auna aƙalla sau biyu. Wanda ya sauko daga Keke Napep cikin rana, aka ɗaura masa ma'auni yana amsa gaisuwa, lambarsa za ta iya fin ta gaskiya. Idan aka bi wannan lambar aka yi ta ƙara magani don a kai 120, a gida jininsa na iya faɗuwa har ya yanke jiki.

A koma ga telan nan. Takardarsa ta nuna eGFR 47, wato awon tacewar ƙoda, wanda idan ya wuce wata uku ƙasa da 60 ake kiransa ciwon ƙoda mai ɗorewa. Albumin ɗin fitsarinsa 400 ne, alhali bai kamata ya kai 30 ba. Da yake ba tsoho ba ne kuma yana yoyon furotin, likita zai nemi ƙasa da 130 bisa 80 tukuna, a hankali cikin watanni, sannan ya duba ko za a iya yin ƙasa. Zai fi karkata ga losatan ko lisinofiril, domin suna sassauta matsin da ke cikin matatar kanta, ya haɗa da amlodifin ko maganin fitar da ruwa idan ɗaya bai isa ba. Ba a haɗa losatan da lisinofiril, ba a kuma ba mai juna biyu ko ɗayansu.

Bayan mako biyu zuwa huɗu sai a sake gwada jini. Idan kiriyatinin, dattin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya tashi daga 150 zuwa 170, ba abin tsoro ba ne, alama ce matsin ya sauka. Idan ya haura kashi 30 cikin ɗari, wato ya wuce 195, ko fotasiyam ya hau sosai, sai a binciki dalili. Sau da yawa gudawa ce, ko ƙarancin ruwa a lokacin zafi, ko ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufirofen da diklofenak da ya saya a kemis. Za a kuma ce masa gishirin yini kada ya wuce giram biyar, kusan ƙaramin cokalin shayi, a lissafa har da dunƙulen miya da kanwa.

Da tsohuwa ce mai shekara 82 ta zo da wannan sakamakon, tana dogara sanda, tana ganin jiri in ta tashi daga sallaya, lissafin zai sauya. Likita zai auna ta a zaune, ya sake aunawa bayan ta miƙe. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, zai sassauta, wataƙila ya tsaya a ƙasa da 140, domin karayar ƙugu ta fi kusa da ita fiye da wankin ƙoda. Masu wankin ƙoda kuwa shawarar 120 ba ta shafe su ba. Su ana fara daidaita jininsu ne da rage gishiri da cire ruwan da ya taru a jiki tsakanin wanki da wanki.