Hannun Wane Ne Wannan? Yadda Ake Cire Hannun da Ya Kutso Gefen Hoto

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamarar kulob ɗinmu ya san wannan takaici. Ka ɗauki hoto ya yi kyau, fuska ta fito, haske ya yi daidai, sai da ka buɗe shi a kwamfuta ka ga hannun wani ya leƙo daga gefe, ya dafa tebur ko ya rufe kafaɗar mai hoton. Taro ya riga ya watse, ba halin sake ɗauka. A wannan fitowar za mu bi hoto ɗaya daga farko har ƙarshe, mu ga yadda ake gyara shi da GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta.

Wane hoto ne ya halatta a taɓa?

A fara da wannan, domin mu 'yan jarida ne. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya raba gari da mai ɗaukar hoto Narciso Contreras, saboda ya goge kyamarar bidiyon wani abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a yaƙin Siriya. Abin da ya goge ƙarami ne, kuma yana cikin ayarin da ya ci kyautar Pulitzer a 2013, amma duk wannan bai cece shi ba. Hoton labari shaida ne, ba a cire masa komai ba a ƙara masa. Idan hoton ranar ba da kyaututtuka ne za mu liƙa tare da labari, iyakarmu mu datse gefensa ko mu zaɓi wani. Gyaran da za mu koya na hoton ajiyewa ne, kamar na ɗalibi mai barin makaranta, ko na katin gayyata.

Hoton da za mu yi aiki a kai

Ɗalibi ne zaune a bayan teburin katako, sanye da rigar makaranta mai layi-layi. Faɗin hoton fiksel 4000 ne, tsayinsa 3000. Daga gefen dama hannun abokinsa ya shigo kamar fiksel 600: tafin yana kan tebur, damtsen kuma ya rufe rabin hannun rigar mai hoton. Taga tana hagu, don haka inuwa tana faɗawa dama.

Tambaya ta farko ita ce ko datsewa kawai za ta isa. Idan aka cire fiksel 600 saura 3400, kuma wannan ya ishi bugawa mai kyau. Sai dai a nan almakashin zai tafi da kafaɗar yaron. To, amma ana iya raba aikin: a datse fiksel 250 na can ƙarshe inda babu komai sai baƙon hannu, saura 350 ne kawai za a gyara. Duk abin da ka datse, ka huta da gina shi.

A tabbata kuma asalin hoton ake da shi. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, layukan rigar sun dagule. A ce wa mai wayar ya turo shi a matsayin Document. Bayan an buɗe shi, a danna Shift+Ctrl+D don a sami falle na biyu na hoton a saman na farko. Duk aikin a na sama za a yi, na ƙasa kuma a bar shi don gwadawa.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe: kwamfuta ba ta san abin da ke bayan hannun ba, domin kyamara ba ta taɓa ganinsa ba. Gogewa a nan faci ne, irin na tela. Ana ɗebo yanki daga inda ke da lafiya a rufe inda ya lalace.

Tebur: a fara da bakinsa

Idon mutum ba ya damuwa sosai da tsakiyar tebur, amma yana kama layin da ya karye nan take. Saboda haka bakin tebur shi ne farkon abin ginawa. A danna C don ɗauko Clone, kayan aikin da ke kwafo wani wuri ya shafa a wani. A cikin zaɓuɓɓukansa a mai da Alignment zuwa Aligned, a bar Opacity a kan 100, a ɗauki buroshi mai suna 2. Hardness 050, girmansa kamar fiksel 60.

A riƙe Ctrl a danna daidai kan layin bakin teburin, a wurin da hannun bai taɓa ba. Nan ne mahaƙar da za a riƙa ɗebowa. Sai a saki Ctrl, a sa danna ta farko ita ma daidai kan layin, dab da inda ya shige ƙarƙashin yatsu, a ja zuwa dama. Tun da wuraren biyu suna kan layi ɗaya, bakin zai ci gaba a miƙe ko da teburin ya ɗan karkace a hoton. Idan aka ga tsani a mahaɗar, an kuskure layin da 'yan fiksel ne. A danna Ctrl+Z a sake, kada a yi ƙoƙarin lallaɓa shi.

Ga tarkon da kowa ke faɗawa. A Aligned, mahaƙar tana bin buroshi da tazarar da ba ta canzawa. Idan ka ɗebo daga nisan fiksel 100 ka yi ta ja ba ka ɗaga ba, bayan fiksel 100 mahaƙar za ta iso kan yatsun, sai ka ga kana zana sabon hannu da kanka. Tun da ramin namu 350 ne, a ɗebo daga nisan 400. Kada kuma a wuce gona da iri a tafi can ƙarshen hagu, domin katakon da ke kusa da taga ya fi haske, facin zai fito kamar tabo.

Da bakin ya tsaya, sai a cike saman teburin, ana bin inda jijiyar katakon ta nufa. A riƙa sauya mahaƙa bayan shafa uku ko huɗu. In ba haka ba, idon katako ɗaya ko rubutun biro ɗaya zai bayyana sau uku a jere, kowa ya gane.

Kada a manta da inuwa. Hannun ya tafi, amma duhun da ya bari a damansa da tsakanin yatsu yana nan, kuma idan teburin mai sheƙi ne har da kamannin fatar a jikin katako. Duk a rufe su. Inuwar da gwiwar hannun mai hoton ta yi a kan tebur kuwa tasa ce. Idan aka share ta, zai zama kamar yana lilo a iska.

Riga: a aro ɗaya hannun

Layukan riga ba sa yarda da Clone a wuri mai faɗi, domin suna lanƙwasa da jiki. Sa'armu ita ce mutum hannu biyu gare shi, kuma na hagun hoton yana nan lafiya. A danna F don Free Select, a zagaye wannan hannun rigar daga ɗinkin kafaɗa zuwa kalmasa, a haɗa da ɗan abin da ke kewaye. A danna Ctrl+C da Ctrl+V, sannan Shift+Ctrl+A don sakin zagayen. A tsohon GIMP 2.10 sai an ƙara Layer > To New Layer kafin facin ya zama fallensa daban. A juya shi hagu zuwa dama da Flip, wato Shift+F, a ja shi kan wurin da ya lalace.

Yanzu a rage Opacity na facin zuwa 50 don a riƙa hango abin da ke ƙasa. A nemi wurare biyu da baƙon hannun bai rufe ba, misali ɗinkin kafaɗa a sama da bakin kalmasa a ƙasa. A juya facin da Shift+R har waɗannan wurare biyu su hau kan nasu, sannan a duba ko layukan sun haɗu. A mai da Opacity 100, a ɗauki Eraser mai laushi a goge duk abin da ya wuce bukata. Inda asalin rigar ke nan, ita za a bari ta fito.

Sauran matsala ɗaya. Hannun da muka aro yana ɓangaren taga ne, ya fi haske, kuma juyawar ta kai haskensa gefen da ya kamata ya yi duhu. A shiga Colors > Brightness-Contrast a rage hasken facin har launinsa ya yi daidai da rigar da ke maƙwabtaka da shi. Sannan a danna Shift+D, a zaɓi Burn, a ɗan shafa duhu a gefen dama a hankali. Idan kuma akwai bajo ko rubutu a hannun da aka aro, zai fito a birkice, sai a rufe shi da Clone.

A ƙarshe a haɗe facin da fallen da ke ƙasansa ta Layer > Merge Down, a danna H don Heal, a bi mahaɗar da ƙaramin buroshi. Heal yana daidaita launin faci da na kewaye, shi ya sa ya dace da nan. Shi ya sa kuma ba a fara aiki da shi: idan fatar baƙon hannun tana kusa, ko an zo gaɓar riga da bango, zai jawo launin ya dama shi kamar an shafa yatsa a ɗanyen fenti.

Yadda za ka kama kanka kafin a kama ka

A danna 1 don ganin hoton a ainihin girmansa, a riƙa kunna alamar ido ta fallen sama ana kashewa. Abin da ya kamata ya motsa shi ne baƙon hannun da inuwarsa kawai. A duba ko akwai wurin da ya yi sumul fiye da sauran, alamar buroshin ya yi laushi da yawa ya cinye jijiyar katako ke nan. A ƙirga layukan rigar a sama da ƙasan mahaɗa, su zo daidai. Sannan a kira wanda bai ga asalin ba a ce ya nuna inda aka taɓa. Idan yatsansa ya tafi kai tsaye, da sauran aiki.

Akwai kuma inda ya kamata a haƙura. Idan baƙon hannun ya rufe yatsun mai hoton, ko haɓarsa, ko rubutun takardar shaidar da yake riƙe da ita, babu inda za a aro su da gaskiya. A nemi wani hoton.

Idan an gamsu, a adana aikin da Ctrl+S, wanda zai ajiye shi a matsayin XCF da fallayensa, sannan File > Export As don fitar da JPEG da sabon suna, kada a danne na asali. A taro na gaba kuma, mai riƙe da kyamara ya zagaya da idonsa gefuna huɗu kafin ya danna, ya ɗauki uku a jere. Cewa "ɗan janye hannunka" daƙiƙa biyu ce, gyaran kuwa yana iya cinye maka lokacin tara gaba ɗaya.