Kalmomin Faransanci da Ingilishi Masu Kama da Juna Amma Ma'ana Daban

Ɗan Katsina da ya yi boko da Ingilishi, idan ya tsallaka Maraɗi ya ɗaga kai ya dubi allunan kantuna, sai ya ji kamar ya iya rabin Faransanci. Da ɗan gaskiyarsa. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi, kuma aka daɗe Faransanci ne harshen fada da na kotu a can. Dubban kalmomi suka shiga Ingilishi ta wannan ƙofa. Sai dai bayan an yi aron, kowane harshe ya ci gaba da tafiyarsa, ma'anar wasu kalmomin ta karkace a nan ko a can, rubutun kuwa bai sauya sosai ba. Faransawa na kiran irin waɗannan kalmomi *faux amis*, wato abokan ƙarya, sunan da ya bazu daga littafin da Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka fitar a 1928.

Kalmar *journée* ta nuna yadda karkacewar ke faruwa. A Faransanci yini take nufi. A da Ingilishi ya yi amfani da ita wajen nufin tafiyar yini guda, kamar yadda fatake ke lissafin hanya da zango. Sannu a hankali aka manta da yinin aka riƙe tafiyar, har *journey* ta zama kowace irin tafiya, ko ta wata uku ce. Haka *librairie* da *library*, duk daga kalmar Latin *liber* suka fito, wato littafi, amma ta farko kantin sayar da littattafai ce, ta biyu ɗakin karatu.

Wasu kuma kamar ce kawai ta haɗa su, ba dangantaka. *Pain* burodi ne a Faransanci, ciwo a Ingilishi. Irin waɗannan ba su da wata illa a ganina, domin jimlar da kanta za ta tona asiri: ba mai zuwa kanti ya sayi ciwo. Masu cutarwa su ne waɗanda ko an fassara su ba daidai ba, zancen yana zama daram, ba abin da zai sa mutum ya yi shakka.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Damagaram ya aiko wa mai sayar masa da kaya a Kano wannan saƙo: *Nous demandons un délai de 30 jours. Nous pourrions éventuellement doubler la commande.* Yaron ofis mai jin Ingilishi ya duba, ya ce da maigidansa: "Alhaji, sun ce dole a jinkirta kwana 30, amma a ƙarshe za su ninka oda." Tarko uku ya taka. *Demander* roƙo ne ko tambaya, ba ta da zafin *demand* ta Ingilishi mai ɗauke da tilas. *Délai* wa'adi ne da ake yankewa, ba latti ba. Latti a Faransanci *retard* ne. Mafi muni ita ce *éventuellement*, wadda ke nufin mai yiwuwa, in hali ya yi, alhali *eventually* na nufin abin zai faru a ƙarshe. Abin da mutumin ya rubuta shi ne yana roƙon a ba shi wa'adin kwana 30, kuma wataƙila ya ninka oda. Idan Alhaji ya bi fassarar yaronsa, zai ji haushin gadarar da ba a yi masa ba, sannan ya tara kaya saboda alkawarin da ba a ɗauka ba.

Ɗalibai ma ba su tsira ba. Wanda ya ce *j'ai passé l'examen* ya zauna jarrabawar ne kawai. In ya ci, *réussi* zai ce. A lissafin kuɗi kuwa, biliyan ɗin Nijeriya, miliyan dubu, shi ne *milliard* a Faransanci, shi ya sa ake jin miliyar a bakin mutanen Nijar. *Billion* ta Faransanci ta ninka wannan sau dubu.

Hanyar ganewa ita ce mutum ya fi zargin kalmar da ta zo masa da sauƙi, musamman in ta shafi lokaci, kuɗi ko alkawari. Sai ya duba ta a ƙamus na Faransanci zalla, irin su Larousse ko Le Robert, inda ake bayyana ma'anarta da misalai cikin harshen kansa. In kuwa ciniki ne tsakanin Kano da Damagaram, a ɗaga waya a maimaita sharuɗɗan da Hausa kafin a loda mota.