Gida Ɗaya, Randa Ɗaya: Bambancin Furoses da Zare a Kwamfuta

Matashin da ya koyi rubuta manhaja da kansa, ta waya da bidiyo, ba shi da malamin da zai duba masa aiki. Irin wannan mai koyo ne yakan tsara bayani kamar haka, yana neman wanda zai tabbatar masa: furoses manhaja ce da ke gudana da nata memori, zare kuwa layin aiki ne a cikin furoses, kuma duk zaruruwan furoses ɗaya memori ɗaya suke amfani da shi.

Bayanin daidai ne. Injiniya ma ba zai canza masa abu mai yawa ba.

Manhajar da ke ajiye a kwamfuta fayil ce kawai. Da zarar an buɗe ta, Windows ko Linux ya yanka mata fili a memori, ya ba ta lamba, ta zama furoses. Kamar gida ne mai katanga: maƙwabci ba ya leƙowa sai ta ƙofar da aka amince. Zaruruwa su ne mutanen gidan. Kowa da aljihunsa, wato ɗan wurin da yake ajiye lissafinsa da tuna inda ya tsaya a aiki, amma randar tsakar gida ɗaya ce. Babu furoses mai aiki da ba shi da zare ko da guda ɗaya.

Ana iya ganin wannan da ido. A Windows, a buɗe `Task Manager`, a shiga `Details`, a ƙara layin `Threads`. Nan za a ga manhaja ɗaya riƙe da zaruruwa da dama.

Wurin da mai koyo yakan yi tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa kowace manhaja furoses ɗaya ce. Wanda ya buɗe Chrome zai tarar da `chrome.exe` jere sau da yawa, har ya yi zaton cuta ce ta shiga kwamfutarsa. Da gangan Google ya yi haka tun fitowar burauzar a 2008. Idan zare ɗaya ya taɓa memorin da ba a yarje masa ba, furoses ɗin gaba ɗaya ne ke faɗuwa. Da aka raba shafuka zuwa furoses daban-daban, sai ya zama shafi ɗaya na iya mutuwa sauran suna nan lafiya. Kuɗin wannan kariya shi ne cin memori, abin da masu ƙananan kwamfutoci suka daɗe suna ƙorafi a kai.

Sai kuma batun da gajeren bayanin ya ambata ya wuce, alhali nan gizo ke saƙa: tarayya a memori. A ɗauka akwai asusu mai naira 5,000, zaruruwa biyu kuma kowanne zai zuba naira 1,000. Umarnin layi ɗaya ne:

```
kudi = kudi + 1000
```

A ido aiki ɗaya ne, amma a wurin na'ura uku ne: ta karanta abin da ke asusun, ta ƙara, ta rubuta sakamako. Zare na farko ya karanta 5,000. Kafin ya rubuta, aka dakatar da shi aka ba na biyu dama, shi ma ya karanta 5,000, ya ƙara, ya rubuta 6,000. Na farko ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya rubuta nasa 6,000 ɗin a kai. An zuba dubu biyu, asusu ya nuna ƙarin dubu ɗaya, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Alamar wannan matsala ita ce rashin tabbas. A gwada manhajar sau ɗari ta ba da 7,000, ranar da aiki ya yi wa na'ura yawa ta ba da 6,000. Maganinta makulli ne, wanda a rubutun manhaja ake kira `mutex` ko `Lock`: zaren da zai taɓa asusun ya kulle, ya gama matakan uku, sannan ya buɗe wa na baya. Furoses biyu ba sa faɗa wa wannan rami da sauƙi, domin kowanne da nasa `kudi`, sai dai idan za su yi magana da juna dole su aika saƙo, wanda ya fi tsada.

Ko zare yana ƙara sauri? Ba kullum ba. A Python da aka saba amfani da shi akwai wani babban makulli, `GIL`, da ke hana zaruruwa biyu gudanar da umarnin Python a lokaci guda. Shi ya sa mai lissafi mai nauyi yake komawa `multiprocessing`, mai jiran amsa daga intanet kuma `threading` ya ishe shi. A 2024 ne Python 3.13 ya fito da wani nau'i na gwaji da ake iya cire wannan makullin.