Takardar Neman Hutu: Ranaku, Dalili da Wanda Zai Riƙe Aiki

Takardar neman hutu gajeriyar wasiƙa ce da ma'aikaci ke rubuta wa shugabansa don a ba shi izinin barin wurin aiki na wasu kwanaki. Shugaban da ya karɓe ta amsar tambayoyi uku yake nema a cikinta: yaushe za a tafi a kuma dawo, me ya sa, kuma wa zai riƙe aikin. Idan amsoshin nan sun fito fili, sa hannu ba ya wuya. Idan ɗaya ta ɓace, sai takardar ta kwana a kan tebur, ko a dawo wa mai ita da ita. A ofisoshin Najeriya galibi da Turanci ake rubuta ta, a Nijar kuma da Faransanci, wasu wuraren ma fom ake cikewa, amma abin da ake bukata a ciki bai sauya ba.

Kafin ma'aikaci ya ɗauki alƙalami, ya kamata ya san kwana nawa yake da haƙƙinsu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 18, ta ba wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa hutun aƙalla ranakun aiki 6 tare da cikakken albashi. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka, kuma adadin yana cikin takardar ɗaukar aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata. Sashe na 16 ya tanadi har ranakun aiki 12 a shekara na rashin lafiya, muddin likita ya ba da shaida. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da nasu tsari: wanda ke mataki na 07 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, mai mataki na 04 zuwa 06 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14. A watan Nuwamban 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar da sanarwar cewa da ranakun aiki za a riƙa lissafin hutu, ya kuma amince da ranakun aiki 14 ga namijin da aka yi wa haihuwa. Jihohi da kamfanoni kowa da nasa, don haka ofishin kula da ma'aikata ne wurin tambaya.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne ranaku, kuma misali zai nuna dalili. A ɗauki mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ake aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Yana son hutun kwana 10 daga Litinin, 22 ga Satumba, 2025. Idan abin da ya rubuta ke nan kawai, mutum uku za su iya karanta takardar su fito da ranar dawowa uku. Wanda ya ƙirga kwanaki a jere har da Asabar da Lahadi zai ce hutun ya ƙare ranar 1 ga Oktoba, a dawo Alhamis 2 ga wata. Wanda ya ƙirga ranakun aiki kaɗai zai ce ya ƙare Juma'a 3 ga Oktoba, a dawo Litinin 6 ga wata. Amma Laraba 1 ga Oktoba ranar samun 'yancin kai ce, hutu ne na kowa da kowa, ba ta cikin ranakun aiki. Idan aka cire ta, rana ta goma tana faɗawa a kan Litinin 6 ga Oktoba, ranar komawa aiki kuma Talata 7 ga wata.

Tsakanin lissafin farko da na ƙarshe akwai tazarar kwana biyar. Idan shugaba yana jiran ma'aikacinsa ranar Alhamis shi kuwa bai bayyana ba sai Talata, abin da zai shiga rajista shi ne rashin zuwa aiki ba tare da izini ba, wanda kan jawo takardar tuhuma ko yankan albashi, alhali mutumin da zuciya ɗaya ya yi lissafinsa. Maganin abin sauƙi ne. A rubuta ranar farko ta hutu, da ranar ƙarshe, da yawan ranakun aikin da ke ciki, sannan ranar komawa aiki ita kaɗai a jimlarta. Kowane kwanan wata a haɗa shi da sunan ranar, a kuma rubuta sunan watan da haruffa, domin sunan rana yana tona kuskuren kwanan wata nan take.

Hutun da ya raɓi Sallah yana da tasa wahalar, tunda sai an ga wata, kuma gwamnati kan sanar da ranakun hutu ne ana saura 'yan kwanaki. Wanda ya rubuta takardarsa da wuri ba zai san ainihin ranakun ba. Abin da ya fi shi ne ya tsayar da ranar dawowa guda, ya ƙara da cewa duk ranar da gwamnati ta ayyana a matsayin hutu a tsakani, a mayar masa da ita cikin ragowar kwanakinsa na shekara. Ta haka ranar dawowa ba ta motsi, haƙƙinsa kuma bai salwanta ba.

Dalili bai bukatar dogon bayani. Hutun shekara haƙƙi ne, ya isa a ce hutun shekara ake nema, abin da shugaba ke da ta cewa a kai shi ne lokacin, musamman inda akwai jadawalin hutu da aka tsara tun farkon shekara. Hutun uzuri na kwana biyu ko uku shi ne ke bukatar dalili, domin a kan dalilin za a yanke hukunci: ɗaurin auren ƙani, suna, jinyar mahaifiya, jarrabawa. Jimla ɗaya ta gaskiya ta wadatar. Wanda ba shi da lafiya ba dole ne ya zayyana ciwonsa a wasiƙar da za ta bi hannuwa da yawa ba, takardar likita da aka maƙala ita za ta yi magana. Dalilin ƙarya kuwa haɗari ne na gaske, domin wasiƙar tana shiga fayil ɗin ma'aikaci ta zauna shekaru, kuma ranar da aka gano, laifin ya tashi daga neman hutu ya koma rashin gaskiya.

Sashe na uku, wato wanda zai riƙe aiki, shi ne ke sa shugaba ya sa hannu da kwanciyar hankali, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da yawa sukan rubuta cewa abokan aiki za su kula da komai. Wannan jimla ba ta ɗora nauyi a kan kowa ba. Dole a ambaci mutum ɗaya da sunansa da muƙaminsa, a kuma tabbatar an yi magana da shi ya amince kafin a sa sunansa. Inda hali ya yi, ya sa hannu a ƙasan takardar. Wajibi ne kuma a duba cewa shi ma ba ya shirin tafiya a makon, kuma yana da ikon yin aikin: mataimakin da ba a yarda da sa hannunsa a takardar fitar da kaya ba zai zauna a sito yana kallon motoci suna jira.

Mai kula da siton nan, idan ya zauna ya duba makonni biyun da zai yi ba ya nan, zai ga aikinsa ya kasu. Akwai wanda zai iya gamawa kafin ya tafi, kamar odar kayan da suka kusa ƙarewa. Akwai wanda zai iya jira har ya dawo, kamar sake tsara rumbunan ajiya. Akwai kuma wanda ba ya jira: fitar da kaya kullum, karɓar motar da za ta iso a makon farko, da ƙidayar ƙarshen wata da ta faɗa ranar Talata 30 ga Satumba, a tsakiyar hutunsa. Wannan ƙidaya ce shugaba zai fara tunawa da ita, kuma takardar da ta yi shiru a kanta ta ba shi dalilin cewa a ɗage hutun. Wadda ta faɗi wanda zai yi ƙidayar da wanda zai duba ta, ta riga ta amsa tambayar.

Jikin wasiƙar, bayan kwanan wata da adireshin manaja ta hannun shugaban sashe, zai iya zama kamar haka: "Ina neman izinin tafiya hutun shekara na ranakun aiki 10, daga Litinin 22 ga Satumba zuwa Litinin 6 ga Oktoba, 2025, ban da 1 ga Oktoba da take ranar hutun ƙasa. Zan koma aiki ranar Talata 7 ga Oktoba, in Allah ya yarda. Mataimakina ya amince zai riƙe sito, zai kuma yi ƙidayar 30 ga Satumba tare da akanta. Za mu ƙirga kaya tare ranar Juma'a 19 ga Satumba, in miƙa masa makullai da littafin sito a rubuce. Ana iya samuna ta waya idan bukata ta taso." Daga nan sai godiya, suna, lambar ma'aikaci da sa hannu.

Ƙirga kaya tare kafin tafiya kariya ce ga mutanen biyu. Idan aka samu giɓin katan ashirin bayan an dawo, takardar da suka sa wa hannu ranar 19 ga wata ita za ta nuna a hannun wa kayan suka ɓata, ba tare da zargi ya ɓata zumunci ba. Haka abin yake ga mai riƙe da kuɗin ko-ta-kwana ko hatimin ofis. Abu ɗaya da ba a miƙawa shi ne kalmar sirri ta shiga kwamfuta, domin duk abin da aka yi da ita sunan mai ita zai fito. A nemi a buɗe wa mai riƙon tasa hanyar shiga.

Ana miƙa takardar da wuri, mako biyu zuwa wata guda kafin hutun shekara, ko gwargwadon abin da ƙa'idar wurin ta ce. Rasuwa ba ta ba da wannan dama, tunda jana'iza ba ta jira. A irin wannan hali sai a kira shugaba a waya, a bi da gajeren saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar dawowa da sunan wanda aka bar wa aiki, sannan a kawo cikakkiyar takarda da zarar an samu sarari. Wanda kuma ya ga ba zai iya dawowa a ranar da ya ɗiba ba, ya nemi ƙari a rubuce kafin ranar ta zo.

Miƙa takarda ba shi ne samun izini ba, haka ma "je ka, ba komai" da aka faɗa a bakin ƙofa, domin shugaba na iya mantawa ko a sauya masa wurin aiki. Ma'aikaci ya jira amincewa a rubuce, ya riƙe kwafin da ke ɗauke da sa hannu da kwanan wata, ranar da ya dawo kuma ya sanar a rubuce cewa ya kama aiki, don a rufe lissafin kwanakinsa daidai.