Littafin gida: abin da uwargida za ta buɗe ranar da maigida ba ya iya magana

Ƴan uwa manoma, maza da mata, yawancinmu a kai muke riƙe lissafin gida. Maigida ya san wanda yake bi, ya san wanda ke bin shi, ya san ranar biya. Amma ciwo ba ya sallama. Mutum yana iya kwanciya asibiti sati uku, ko ya tafi ci rani labarinsa ya yanke, ko Allah ya yi mishi rasuwa. Ran nan duk abin da ke kansa ya tafi tare da shi, uwargida kuma ita ce za a zo wa da tambaya.

Ku da kuka gama karatun manya, maganin wannan yana hannunku. Littafi guda irin na ƴan lakkol da bik guda sun isa. A bik za a rubuta, don rubutun fensir yana gogewa. Boko ko ajami duk ɗaya ne, muddin mutanen gidan suna iya karantawa.

Abu biyar ga kowane bashi

A ware shafi guda na bashin da ake bin mu, shafi guda na wanda muke bin mutane. Kada a gama su wuri ɗaya. Kowane bashi a ba shi layinsa, a sa abu biyar: sunan mutumin da garinsa, yawan abin, ranar da aka amsa, ranar da za a biya, da sunayen shaidu. In akwai takarda, a ƙara faɗin inda take. Wannan ba sabon abu ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kuma kowa ya san ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado. Bashin da ba a rubuta ba shi ke kawo rantsuwa da ɓacin zumunci.

A kula da wani tarko. A kasuwa da dala muke magana, amma takardun asusu da na koperatif da faran ake rubuta su. Dala guda faran 5 ce, jika guda kuma faran 1.000. In ka rubuta 500 kawai, mai karatu ba zai san ko dala 500 ba ce, watau faran 2.500, ko kuwa faran 500, watau dala 100. Saboda haka a bayan kowace lamba a rubuta dala, ko jika, ko faran. Haka ma hatsi: a ce dami, ko tiya, ko buhu. In an ranci hatsi lokacin damana, a rubuta ko hatsi za a maida ko kuɗi, domin farashin watan Agusta ba shi ne na kaka ba.

Misalin wake a magaza

Mu ɗauki misali da jinginar amfanin gona, wadda ake kira warantaji, da ta bazu a ƙasarmu tun wajen 1999. Manomi yana kai kayansa magazar ƙungiya bayan girbi. A kulle da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na asusun da ya ba da bashi. A ba shi kuɗin da bai kai darajar kayan ba, ya biya gab da damana, ya ɗauki abinsa.

A ce wani maigida ya kai wake buhu 4 a watan Nuwamba, kowane buhu jika 20, duka jika 80. Aka ba shi jika 60, aka ce a watan Mayu zai biya jika 66 har da kuɗin ajiya. Da kuɗin ya sayi raguna biyu na kiwo, ya ba ƙanensa ya riƙe. A watan Afrilu ciwo ya kwantar da shi.

In babu rubutu, uwargida ta san dai akwai wake a magaza, amma ba ta san ranar biya ba, ba ta kuma san ragunan da ke gidan ƙanen na biyan bashin ba ne. Rana ta wuce, a saida waken don a cire bashi. Ko an maido mata da ragowar kuɗi, irin shuka ya tafi, ga ruwa ya kusa sauka. In kuwa akwai rubutu, ga abin da za ta tarar:

Wake buhu 4, magazar ƙungiya, 10 Nuwamba. An amsa jika 60. Za a biya jika 66 kafin 15 Mayu. Raguna 2 wajen ƙanena, na biyan wannan bashi ne. Takarda tana cikin adaka. Shaidu: shugaban ƙungiya da magatakarda.

Da wannan sai ta sa a kai ragunan kasuwa, ta biya, ta fanshi wakenta. Ta ware iri, ta saida saura da tsadar bazara.

Gonar da aka ba jingina ita ma haka ce. A rubuta wace gona, wa ke riƙe da ita, nawa aka amsa, gaban wa. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, akwai kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, masu ba da takardar shaidar jingina, aro ko saye. A nemi takardar. Jinginar baki, in shaidu sun mutu, sau da yawa saye take komawa.

Asusu da salula

Shafi na uku na wuraren ajiyar kuɗi ne: sunan asusun ko bankin, garin da yake, lambar ajiya, da inda ɗan littafin asusun yake. Sai dai a sani, zama matar mutum bai isa a ba ta kuɗinsa ba. Sai maigida ya je da ita tun yana lafiya, su tafi da katunansu na ɗan ƙasa, ya sa hannu a takardar wakilci. Wannan wakilci yana aiki muddin yana da rai. In ya rasu, ana tsaida ajiyar har magada su kawo takardar mutuwa da ta gado. Ko a nan littafin ya yi rana, don shi zai nuna musu ƙofar da za su buga.

Kuɗin cikin salula kuwa, a rubuta lambar wayar da sunan wanda aka yi wa layin rajista. Amma lambar sirri kada ta shiga littafin, don littafi yana iya faɗawa hannun kowa. A faɗa wa uwargida da baki, ta gwada da hannunta gaban maigida har ta riƙe. Kada ta yi ta cinke, domin in aka yi kuskure ƴan lokuta a jere, ana rufe ajiyar.

A karanta tare

Littafin da mutum ɗaya kaɗai ya san da shi daidai yake da babu. A sa shi cikin leda saboda ruwa da gara, a aje a adaka, uwargida ta san wurin. Mai mata biyu ko fiye ya karanta shi gabansu duka, don kada wata ta zargi wata. In ba su iya karatu ba, a sa ɗa mai hankali ko ɗan uwa amintacce ya san da shi. Uwargida ita ma ta buɗe nata shafi: zubin adashe, awakinta da ke hannun makiyayi, da bashin ƙulikuli ko man gujiya da take bin mutane.

Sau biyu a shekara a zauna a duba, bayan girbi da kuma kafin tafiya ci rani. Bashin da aka biya a ja mishi layi guda, a sa ranar biya. Kada a yage shafin, don shi ne shaida in wani ya sake zuwa nema.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.